Waɗanda suka sayi hannun jari a fitowar farko: me ya faru bayan wata shida?

Auwalu: Salamu alaikum. Ina son jin waɗanda suka taɓa sayen hannun jarin kamfani lokacin da ya fara shiga kasuwar hannayen jari. Ga nawa: an yanke farashi a dala 20, na nemi guda 500 ta hannun dillalina, ban samu ko ɗaya ba. Washegari da aka buɗe ciniki na ga yana ta hawa, zuciya ta ɗebe ni na saya a 31. Wata shida da 'yan kwanaki ya dawo 14, alhali ban ji wani mugun labari game da kamfanin ba. Har yau abin yana damuna.

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam. Ai kuskurenka sayen ranar farko ne, Auwalu. Wanda ya samu a farashin da aka yanke ba ya asara. Ni 300 na nema aka ba ni 40, na sayar a satin, na ci riba mai kyau.

Malam Nuhu: Hajiya, rabin maganarki gaskiya ne. Na yi shekaru ina aiki a kamfanin dillancin hannun jari. Kafin kamfani ya hau kasuwa, yana ɗaukar banki ya jagoranci sayarwar, a binciki littattafan kuɗinsa, a miƙa wa hukumar da ke kula da kasuwar takardar da ke bayyana ribarsa, bashinsa da haɗurransa. Daga nan a zagaya wurin manyan masu zuba jari, kowa ya faɗi nawa yake so kuma a wane farashi. Da wannan lissafin ake yanke farashi, kuma yawanci su ake fara ba rabo. Shi ya sa kika samu 40 kacal: masu so sun fi kayan yawa. Ranar da kika nemi 300 aka ba ki 300 cif, ki tsaya ki yi tunani, don wataƙila manyan ne suka duba suka ja baya.

Sagir: Abin da ya same ni ke nan, Malam. Duk abin da na nema aka ba ni, har ina murna. Ranar farko ya rufe ƙasa da farashin da na biya, kuma bai sake komawa ba.

Malam Nuhu: Allah ya mayar da alheri. Kai kuma Auwalu, wata shidan nan da ka ambata ita ce ta ja hankalina. Waɗanda suka kafa kamfani, ma'aikatansa da masu jarin farko kan sa hannu cewa ba za su sayar da nasu ba sai bayan wani wa'adi, galibi kwana 180. Kafin nan ɗan kaɗan ne na hannayen jarin ke yawo a kasuwa, ƙarancin kuma na riƙe farashi a sama. Wa'adi na cika, mutanen da suka samu nasu da araha tun shekarun baya suna iya fitowa da shi, kuma ko a 14 suka sayar riba suka ci. Dubi Facebook: a watan Mayun 2012 ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq da ke Amurka a dala 38. A watan Agusta kashin farko na wa'adin ya cika, zuwa farkon Satumba ya faɗi ƙasa da dala 18. Sai a 2013 ya koma 38. Ranar cikar wa'adin tana rubuce a cikin takardar da kamfanin ya miƙa wa hukuma, ka je ka duba ko ta zo daidai da faɗuwar naka.

Maryam: Ni dai shekara biyu ke nan ba a raba mana ko kwabo na riba ba. Ko an cuce mu ne?

Hajiya Bilki: 'Yar'uwa, wannan wata magana ce daban. Yawancin sababbin kamfanoni suna faɗa tun farko cewa ba za su raba riba ba tukuna, wasu ma ba su fara cin ribar ba.

Auwalu: Na duba, Malam. Kwana 180 ne, kuma faɗuwar ta fi tsanani a makon. Gaskiya ban taɓa buɗe takardar ba sai yau. To ke nan a riƙa jira wa'adin ya wuce kafin a saya?

Malam Nuhu: Ni haka nake yi, don kafin nan kamfanin ya fitar da rahoton kuɗinsa sau ɗaya ko biyu, ina da abin dubawa.

Hajiya Bilki: Ban yarda gaba ɗaya ba. Akwai wanda na jira wa'adinsa ya cika, masu shi suka ƙi sayarwa, farashi ya ninka ina kallo. Har yanzu ban saya ba.