Majalisar Trent: aƙida ta sauya ko tarbiyyar limamai?

Mai tambaya: Malamaina, ina koyar da tarihi a sakandare, kuma mako mai zuwa zan gabatar da darasi kan martanin da cocin Katolika ya mayar wa Martin Luther da mabiyansa. Shin daidai ne in gaya wa ɗalibai cewa Majalisar Trent ta sauya aƙidar cocin? Wane misali ɗaya zan riƙe?

Wani dattijo mai koyar da tarihin coci: Malama, ki guji kalmar "sauya" a wajen aƙida. Majalisar, wato babban taron bishop-bishop na cocin Katolika, ta zauna a garin Trent da ke arewacin Italiya ta yau daga 1545 zuwa 1563, a zango uku da dogon hutu a tsakani, kuma tun farko an sami saɓani: Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Jamus da Sifen, yana son a fara da gyaran halayen limamai ko Furotesta za su dawo, Paparoma Paul na Uku kuwa yana son a fara tsayar da aƙida. Aka daidaita a kan a tafiyar da su biyun tare. A ɓangaren aƙida, fayyace matsayi aka yi, aka toshe kafar shakka: a 1546 aka ce Littafi Mai Tsarki da al'adar da aka gada daga manzanni duk abin riƙo ne, a 1547 aka ƙi maganar Luther cewa bangaskiya kaɗai ke kuɓutar da mutum.

Inda aka yi sauyi na gaske shi ne tarbiyya, don haka ki riƙi dokar 1563 kan makarantun horar da limamai. Kafin ta, yawancin limaman karkara a wurin wani limami suke koyon aiki kamar ɗan koyon sana'a, har akan sami wanda yake karanta addu'a da Latin ba tare da ya fahimci ma'anarta ba. Dokar ta ɗora wa kowane bishop ya buɗe makaranta a yankinsa, ya ɗauki yaran da suka kai shekara 12, waɗanda aka haifa ta hanyar aure, suka iya karatu da rubutu, kuma a fifita 'ya'yan talakawa. Ɗan mai hali zai iya shiga, amma da kuɗin gidansu. Kuɗin gudanarwa kuwa daga kuɗin shigar cocin yankin za a yanko shi, kuma a nan ne gizo ke saƙar, domin waɗanda za a rage wa rabo ba su yi murna ba.

Wani ɗalibin jami'a: Ni a sanina, majalisar ce ta kafa ƙungiyar Jesuit domin yaƙar Furotesta, kuma ita ta haramta takardun afuwar zunubi da Luther ya yi tir da su.

Dattijon: Ɗana, duba shekarun. Paparoma ya amince da ƙungiyar Jesuit, wadda Ignatius Loyola ya jagoranta, a 1540, shekara biyar kafin zaman farko, kuma burin waɗanda suka kafa ta na farko shi ne tafiya Urushalima. Daga baya ne makarantunsu suka zama garkuwa a Jamus da Poland. Wasu ƙungiyoyin ibada na Katolika ma sun riga majalisar: ta Capuchin ta samu a 1528, ta mata 'yan Ursuline a 1535. Batun afuwa kuma, rabin maganarka gaskiya ce: majalisar ta bar afuwar, ta soke muƙamin masu yawon tara kuɗi da sunanta.

Wata tsohuwar malamar makarantar mishan: 'Yar'uwa, ni dai na taɓa koyar da wannan darasi, na ce da an rufe majalisa komai ya gyaru, sai wani ɗalibi ya tambaye ni yaushe dokar ta isa ƙauye, na rasa amsa. Da na bincika, na ga Charles Borromeo, babban bishop na Milan, ya buɗe makarantarsa a can tun 1564, yana bin coci ɗaya bayan ɗaya yana duba limamai, amma a Faransa sai a ƙarni na 17, zamanin limamin nan Vincent de Paul, abin ya kankama. Ki gwada musu waɗannan wurare biyu.

Ɗalibin: Na karɓi gyara, Baba. Amma har yanzu ina ganin da Luther bai tayar da ƙura a 1517 ba, da ba a kira majalisar ba sam.

Dattijon: Kiran majalisar kam, ina tare da kai. Sai dai yunƙurin gyara ya girmi Luther, domin Kadinal Cisneros ya riga ya fara shi a Sifen. Yadda za a raba nauyin tsakanin tsohon yunƙuri da matsin Furotesta, masana tarihi ba su gama jayayya a kai ba, har sunan da za a kira zamanin ma suna saɓani.