Garin furotin na tsirrai ya fi na madara tsabta?

Sanusi: Assalamu alaikum. Ina ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako, nauyina kilo 70. Mai shagon da nake sayen garin furotin nan Maradi ya ce in bar na ruwan madara, wanda ake kira wei, in koma na tsirrai, wai shi daga gona yake, ba shi da guba. Haka ne?

Malam Issufu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fitowa daga gona ita ce ma tushen matsalar, domin saiwar tsiro tana zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom daga ƙasa tare da ruwa, shinkafa kuwa ta yi suna wajen tara asenik. Idan aka tace wake ko shinkafa mai yawa don a fitar da furotin zalla, wani kaso na waɗannan ƙarafa yana biyo shi cikin gwangwani. Na madara kuwa daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku ake samunsa, kuma jikin saniya ya riga ya tare mafi yawan abin da ta kwaso a ciyawa. A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada iri 23, ta sami dalmar da ke cikin na tsirrai ta ninka ta na madara kusan sau tara.

Hajiya Rakiya: To Malam, ai wannan magana ta isa a hana sayar da shi gaba ɗaya. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, nan maƙwabtanmu.

Malam Issufu: Hajiya, Allah ya jiƙan yaran nan, amma abin ba ɗaya ba ne. Su ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje suka shaƙa suka haɗiya, ta yi musu yawa ƙwarai. A nan ana maganar ƴan maikirogiram ne a ludayi guda, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, kuma ma'aunin da ƙungiyar ta ɗauka, rabin maikirogiram a rana, mai tsauri ne sosai. Abin tsoron shi ne dalma tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, don haka mai sha kullum, da mai juna biyu, da yaro, su ne ya kamata su yi hattara.

Laminu: Ni dai na madara ba ya karɓata. Na sha shi mako biyu, cikina ya yi ta kumburi da ƙugi har na kasa zama a shago, sai da na koma na waken suya na sami lafiya. Shi ya sa nake ganin mai shagon yana da gaskiya.

Nana Aisha: Yaya Laminu, abin da ya same ka sukarin madara ne da cikinka ba ya narkarwa, ba guba ba ne, kuma akwai na madara da aka tace sosai har sukarin ya kusa ƙarewa. Ni kuma ina ganin an tsallake tambayar farko, wato ko Sanusi yana buƙatar garin ma. Wanda ba ya motsa jiki giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana ya ishe shi, wato giram 56 ga mai kilo 70. Mai ɗaga ƙarfe yana cin riba har wajen giram 1.6 a kilo, wato 112 a rana, bayan nan ƙarin ba ya haifar da wani abin kirki a tsoka. Giram 100 na busasshen wake yana ba da kusan 23, ƙwai uku 18, giram 100 na dafaffen nama wajen 25, cikin hannu na gyaɗa 7, gero giram 200 a fura da tuwo kusan 20, kofin nono 8. Ya haye 100 ke nan, abin da ya rage bai wuce rabin ludayi ba.

Sanusi: Yaya Nana, nama da ƙwai uku kullum ba kowa ke iyawa ba. Wani yinin ban wuce fura da shinkafa da wake ba.

Laminu: Kuma waken namu ai a ƙasa yake tsirowa. Wa ya taɓa gwada dalmar da ke cikinsa?

Malam Issufu: Tambayarka tana kan hanya, Laminu, kuma ba zan ce abincin gida ya tsira ɗari bisa ɗari ba. Bambancin dai shi ne ba a tace shi an tattara ba, kuma yau ka ci na wannan gona gobe na waccan. Kai kuma Sanusi, a ranakun da abinci ya gaza, ludayi ɗaya na madara yana ba ka giram 20 zuwa 25. Ka duba tambarin NSF Certified for Sport ko Informed Sport, masu nuna an gwada garin, a jikin gwangwanin, ka tabbata murfin a liƙe yake, ka kuma fifita wanda ba na cakulan ba, tun da koko yana ɗauke da kadmiyom. Wanda ake ɗurawa a farar leda ana aunawa kuwa, ka bar shi inda ka gan shi.

Hajiya Rakiya: Tambari ai ana buga na jabu, Malam. Ni ɗana ƙuli-ƙuli da kilishi zan ci gaba da saya masa.