Kashi 50 na 60 da kashi 60 na 50: daidai suke ko dace ne kawai?

Maman Ilham, Tudun Wada: Salamu alaikum. Ɗana ya ce kashi 50 cikin 100 na 60 daidai yake da kashi 60 cikin 100 na 50, wai kowane lissafin kashi ana iya juya shi haka. Gaskiya ne, ko yaro ne ya ji a makaranta ya ƙara gishiri?

Bala mai shago, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar dai 30 ce duka biyun, na danna. Amma saboda hamsin ɗin ne, tunda rabi ne. Sa wata lamba ki gani.

Malam Idi, Kongo: Bala, danna kashi 16 na 25, sannan kashi 25 na 16. Babu hamsin a ciki, kuma duka 4 za ka samu. Dalilin a fili yake. Idan aka ce a nemo kashi 50 na 60, aikin da ake yi shi ne 50 × 60 ÷ 100. Idan aka ce kashi 60 na 50, aikin 60 × 50 ÷ 100 ne. To 50 sau 60 da 60 sau 50 duk 3,000 ne, kamar bulon da aka jera layi 50 kowane layi guda 60: ko ta wane gefe ka ƙirga adadinsa bai canza ba. Raba wa 100 kuwa sau ɗaya ake yi a ƙarshe, bai damu da wacce lamba ta zo farko ba. Shi ya sa yaron Hajiya ya yi daidai, kuma da kowace lamba.

Bala mai shago: Na yarda, 4 ta fito. To amfanin me, Malam, tunda amsar ɗaya ce?

Malam Idi: Amfanin shi ne ka juya zuwa ɓangaren da kanka ya saba. Kowa ya san kashi 50 rabi ne, 25 kwata, 20 ɗaya bisa biyar, 75 uku bisa huɗu. A ce dillali zai karɓi la'adar kashi 8 a kan cinikin ₦25,000. Kashi 8 na 25 sai an zauna. Ajiye dubun a gefe, ka juya: kashi 25 na 8, wato kwatan 8, ya zama 2. Mayar da dubun, la'ada ₦2,000. Haka harajin kaya na kashi 7.5 a kan ₦20,000: ɗaya bisa biyar na 7.5 shi ne 1.5, wato ₦1,500. Inda ake tuntuɓe shi ne mantawa da sifilan da aka ajiye, ko a mayar da biyu a maimakon uku. Don ka gane, ka auna da kashi 10: na ₦25,000 dai ₦2,500 ne, to kashi 8 dole ya ɗan gaza haka. In ka ga ₦200, sifili ya faɗi.

Alhaji Tanimu, Samaru: Ashe kenan in na yi wa mutum ragin kashi 50 a kayan dubu 60, ko ragin kashi 60 a kayan dubu 50, kuɗi ɗaya zai biya ni.

Anti Rabi, malamar firamare: A'a Alhaji, ku dakata. Ragin ne ɗaya, ₦30,000 a duka biyun. Abin da zai biya ya bambanta, domin daga uwar kuɗin ake cirewa, ita kuwa ba ta juyu ba. Na farko 60,000 a cire 30,000, saura 30,000. Na biyu 50,000 a cire 30,000, saura 20,000. Dubu goma ce tsakani. Ƙari ma haka: 90,000 da 80,000. Juyin yana ba ku kason ne kaɗai, sai ku koma kan ainihin farashin ku cire ko ku ɗora.

Alhaji Tanimu: Allah ya saka, Malama. Wannan ce ta fi mini muhimmanci.

Bala mai shago: Amma kashi 37 na 83 fa? Na juya, ban ga sauƙi ba.

Malam Idi: Ba za ka gani ba. Amsar dai ɗaya ce, 30.71, sai dai babu ɓangare mai sauƙi. A nan ka ɗauki kalkuleta.

Anti Rabi: Shi ya sa ba na koya wa 'yan aji huɗu da wuri. Yaron da bai riƙe cewa kashi daga wani abu ake cire shi ba, in ka ce ya juya, sai ya ɗauka buhu 60 sun koma buhu 50, ya faɗa kuskuren da muka gani yanzu.

Malam Idi: Ni kuma ina ganin juyin ne ke nuna masa cewa lissafin kashi ninkawa ce kawai, in dai an sa shi ya rubuta layin lissafin da hannunsa kafin ya juya.

Anti Rabi: Ku zo ajin mai yara cunkus ku gwada, Malam, sannan mu yi magana.

Maman Ilham: To ni yanzu in bar shi ya riƙa juyawa a aikin gida, ko in hana?