Na rage gudun fanka daga 50Hz zuwa 40Hz, amma amfiya ba ta faɗi yadda aka ce ba

Mai Gyaran Wuta:
Salam jama'a. Waɗanda suka taɓa sa inbata (VFD) a kan fanka ko famfo don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ni a wajen aikinmu akwai wata babbar fanka mai zuƙe iska daga ɗakin aiki, moto 15kW, da can da damfa ake rage mata iska, yanzu mun buɗe damfar gaba ɗaya mun sa inbata mun saukar da ita 40Hz. An ce min wai wuta za ta ragu kusan rabi. Toh na sa kilam mita a wayoyin da ke zuwa moto, a 50Hz tana cin amfiya 21, a 40Hz kuma 16 da ɗan abu. Wannan ai ko kusa da rabi bai kai ba. Shin lissafin ne na takarda kawai ko akwai abin da ban gani ba?

Injiniya Tsoho:
Wa'alaikumussalam. Malam, amfiya ce ta ruɗe ka, fankar tana yin daidai. Inbata in ta sauke Hz tana sauke boltej tare da shi, moton 400V a 40Hz kusan 320V yake samu. Kuma akwai wani kaso na amfiyar da aikinsa kawai riƙe maganaɗisun moto, ko da kaya ko ba kaya yana nan, ba ya wani motsi. Shi ya sa amfiya take sauka a hankali alhali kilowat ya riga ya faɗi ƙasa. Ka je kan allon inbatar ka nemo inda take nuna Output Power, ka karanta a 50Hz ka karanta a 40Hz, ka dawo ka gaya mana.

Mai Gyaran Wuta:
Na duba yallaɓai. 50Hz ta nuna 12.0kW, 40Hz ta nuna 6.8kW. Ikon Allah. Amma ni har yanzu kaina bai ɗauki dalilin ba, gudu ya ragu da kashi 20 cikin 100 kawai, ta yaya wuta za ta ragu haka?

Injiniya Tsoho:
Yauwa. Abu biyu ne suke raguwa lokaci guda, ba ɗaya ba. Na farko yawan iskar. Duk juyi ɗaya da farfela ta yi akwai iskar da take kwasa, in juyin ya koma 0.8 na da, iskar ma 0.8 ce. Wannan kowa ya yarda. Na biyu shi ne ƙarfin turin, wato matsin da farfelar ke ba iskar, kuma shi ba ya bin gudu kai tsaye, gudu sau gudu yake bi, saboda ƙarfin da ke cikin duk abin da aka wurga haka yake, in ka ninka saurinsa biyu ƙarfinsa huɗu ne. Kenan matsi ya koma 0.8 sau 0.8, 0.64. To aikin da moto yake yi kuwa shi ne yawan iska sau matsin da ya ba ta. 0.8 sau 0.64, ka samu 0.512, wato gudu sau gudu sau gudu, shi ne dokar sau uku. A nan ƙasa Q yawan iska ne, H matsi, P wuta, N gudu.

```
Q2/Q1 = N2/N1
H2/H1 = (N2/N1)^2
P2/P1 = (N2/N1)^3
```

A naka, 12 sau 0.512 ya ba da 6.1kW, kai kuma ka ga 6.8. Ratar nan ba matsala ba ce, bel yana cin nasa, boris suna cin nasu, moto in kaya ya yi masa sauƙi ingancinsa yana ɗan sauka. Waɗannan ba ruwansu da sau uku, shi ya sa kullum ake cewa kusan. Kuma in a mitar da ke gaban inbata ka auna za ka ga ƙarin kamar kashi 2 zuwa 3, ita ma inbatar tana ɗumama.

Ɗan Fulamba:
Ni kam gaskiya ban yarda da maganar nan ba don na gwada a sumo na rijiyar burtsatse kuma abin da na gani daban ne. Wani da na yi wa aiki ya ce a rage masa gudu don ya rage cin wuta, mun sa 45Hz ruwan ya koma kamar rabi, tankin da ke cika da wuri sai ya ɗauki kusan ninkin lokacin, da muka sa 40Hz kuma wallahi ko ɗigo bai hau tanki ba, sumon yana ta kuka a ƙasa amma babu ruwa. In da gaske ne ruwa na bin gudu ai kamata ya yi mu samu kashi 80 na ruwan. Ina ganin dokar ta fanka ce kawai ban da famfo.

Injiniya Tsoho:
Abin da ka gani gaskiya ne ɗan'uwa, amma hukuncin da ka yanke ne ya wuce gona. Daga saman ruwan rijiyar zuwa bakin tanki mita nawa ne, kuma a jikin sumon nawa aka rubuta H max?

Ɗan Fulamba:
Tsawon kamar mita 45 ne in ana ja. H max kuma 60.

Injiniya Tsoho:
Toh ga shi nan. Famfonka iyakar tsawon da zai iya tura ruwa a 50Hz mita 60 ne, kuma wannan tsawon gudu sau gudu yake bi. A 40Hz ya koma 60 sau 0.64, mita 38 da ɗan kai. Tankinka yana mita 45. Ruwan ya hau bututu ya tsaya a hanya, ba zai taɓa isa ba ko ka bar shi kwana. A 45Hz kuma 60 sau 0.81 ne, 48.6, wato rarar da ta rage ta tura ruwa mita 3.6 ce kawai maimakon 15 da kake da ita a da, shi ya sa ruwan ya koma rabi. Famfon ya bi dokar sarai, tankin ne bai sauko ba don ka rage gudu.

Bambancinsa da fankar Malam kenan. Fanka abin da take yaƙi da shi gogayyar iska ce a cikin bututu, kuma gogayya in iska ta ragu ita ma raguwa take yi, da gudu sau gudun nan dai, sai su sauka tare. Haka famfon da ke zagaya ruwa a rufaffen layi, kamar na ruwan sanyi a manyan gine-gine, ruwan da ya hau shi ne yake saukowa, babu wani tsawo da ake biya. A irin waɗannan ne ake ganin sau ukun da kyau. Amma inda yawancin aikin ɗaga ruwa sama ne, ribar kaɗan ce, wani lokaci ma asara ce. Naka ƙasa da wajen 43Hz ba ruwa kwata-kwata, kuma don Allah kar ka bar shi a haka, moton sumo ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne yake sanyaya shi, in ruwa ya tsaya dahuwa zai yi.

Hajiya Mai Gona:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri ba fannina ba ne. Fankar silin ta ɗaki in na sa ta a lamba 2 maimakon 5, ita ma haka take rage wuta? Don yarana kullum a 5 suke barinta.

Mai Gyaran Wuta:
Hajiya tana ragewa amma ba irin wancan ba. Farfelar dai dokar ɗaya ce, sai dai makunnin fankar silin ba Hz yake canzawa ba, boltej yake rage mata ta rinƙa juyi a kasalance, kuma ƙaramin moton nan dama yawancin wutar da yake ci zafi take zama. Tsohon makunni irin mai ɗaukar zafin nan ma shi kansa yana ƙona wani kaso a bango. Mai kafasito ya fi. Lamba 2 ta fi 5 sauƙin wuta tabbas, kar dai ki sa ran ragi irin na dokar sau ukun nan.

Bakanike:
Ku kuna maganar ragewa, ni ƙarawa na gani kuma ta fi ciwo. An kira ni wani waje fankar busar da kaya tana ta tirif, obalod na yankewa bayan ɗan lokaci, sun canza kontakta sun canza obalod har sun fara zancen a sake naɗa moto. Da na duba sai na ga fulin moton sabo ne, na tambaya aka ce iska ce ta yi kaɗan shi ne wani ya cire na 150mm ya sa na 170mm. A ido ba wani bambanci, santimita biyu. Amma gudun farfela ya ƙaru da kashi 13, in ka buga 1.13 sau 1.13 sau 1.13 kusan 1.45 kake samu, moton da dama yana kusa da iyakarsa an ɗora masa ƙarin kusan rabi. Na mayar da tsohon fuli tirif ya tsaya. Haka masu tura inbata 60Hz don su samu ƙarin iska, 1.2 sau 1.2 sau 1.2 1.73 ne, ba moton da zai ɗauki wannan sai in tun farko ya yi wa fankar girma sosai.

Ɗan Fulamba:
Na gane zancen tsawo Oga. Amma ko da babu tsawo, a ce tanki a ƙasa yake bututu ne kawai mai nisa, ai in ka rage gudu lokacin cikawa zai ƙaru. To ina ribar?

Bakanike:
Riba tana nan amma ba rabi ba. Wuta 0.512, lokaci ya ƙaru zuwa 1.25, ka buga su tare 0.64. Kenan tanki ɗaya yunit ɗinsa ya ragu da kamar kashi 36, ba 49 ba. Masu tallan inbata wannan ne ba sa son faɗi. Sau uku na mai barin inji yana aiki yawan awanni ɗaya da na da ne, kamar fanka. Mai cika tanki kuwa gudu sau gudu kawai zai lissafa.

Kuma kar wani ya ɗauki lissafin nan ya kai shi kan kwamfireso mai fistin ko bel mai jan kaya ko famfo mai giya. Su duk juyi nauyinsa ɗaya ne ko a hankali ko da sauri, ka rage gudu kashi 20 wuta ta ragu kamar kashi 20, shi ke nan. Farfela mai wurga ruwa ko iska ce kawai ke da wannan halin.

Injiniya Tsoho:
Haka ne. Malam Mai Gyaran Wuta, abu ɗaya zan ƙara maka, 12kW da ka karanta da damfa a buɗe ne. Ribarka ta gaskiya sai ka kwatanta 6.8 da abin da fankar ke ci a da lokacin da damfa ke rabin rufe, don rufe damfa ma yana ɗan sauke kilowat, kawai dai ba kamar rage gudu ba. In kana son sani, mayar da ita 50Hz, rufe damfar inda take a da, ka karanta.

Ɗan Fulamba:
Ni dai a kan sumo har yanzu ban ga amfanin inbata ba in ba don tashi a hankali ba. Wanda na yi wa aikin mun mayar da shi 50Hz da fulot suwic a tanki. Akwai wanda ya taɓa sa ta a rijiyar da ruwanta ke ƙarewa in an ja da ƙarfi? An ce min a nan rage gudu zuwa 47 ko 48 yana hana sumo shan iska, amma ban gwada ba tukuna.