Me za mu kira faiburod da Hausa? Ina so in yi wa Mma bayani

Ƙanwar mai ciwo, Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Yayata tana da shekara 38, abinci take sayarwa a nan Kumasi. Kusan shekara biyu ke nan al'adarta ta rikice: kwana tara, wani lokaci goma, ga gudaje. Ranar Talata na same ta zaune kusa da murhu ta jingina da bango, tana haki kamar wadda ta yi gudu, alhali bokitin ruwa ɗaya ta ɗauko. Na duba tafin hannunta, fari fat. Mun je asibiti, an auna jini an ce 7.8, an yi sikanin an ce faiburod ne guda biyu. Matsalar ita ce Mma. Na ce mata "ƙari ne a mahaifa", ta fashe da kuka, don ita in ta ji ƙari, daji take ji. Wace kalma zan yi amfani da ita wadda gaskiya ce kuma ba za ta firgita tsohuwa ba?

Malamin makaranta, Asawase: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ai muna da sunansa tun kaka da kakanni: kwantaccen ciki. Cikin mace ya yi girma, wata tara ya wuce ba haihuwa. Ki faɗa wa Mma haka, nan take za ta gane.

Ungozoma mai ritaya: Malam, da girmanka, amma wannan sunan ne ba na so a ji. Gaskiyarka a wuri ɗaya: da yawa daga cikin matan da aka ce musu kwantaccen ciki ne, wannan abin ne a jikinsu, har mu ma a asibiti da makonnin ciki muke kwatanta girman mahaifar, mu ce ta kai kamar cikin mako 16 ko 20. Amma babu ɗa a ciki. Naman mahaifar ne da kansa, wato tsokar da ke matsawa lokacin naƙuda, wani sashe nata ya dunƙule ya yi curi mai tauri. Na sha ganinsa a faranti bayan tiyata, fari-fari, in an yanka sai ki ga zare-zare a naɗe kamar ƙullin zaren saƙa. Macen da aka ce wa ciki ne ya kwanta zama take yi tana jiran ya tashi, tana zubar da jini, kuma ba za ta yarda a taɓa shi ba, don a ganinta ɗanta za a cire.

'Yata, kafin mu yi maganar suna, duba takardar sikanin. Ina ne kowanne ya zauna, kuma santimita nawa? Sannan yayarki tana neman haihuwa?

Ƙanwar mai ciwo: Mama, likita ya zana mana a bayan takarda. Ɗaya santimita 3, ya leƙo cikin ramin mahaifa. Ɗayan santimita 8, a gaba, ta waje. 'Yarta ɗaya, kuma tana son ƙari. Kin ga ma, kalmar ta sake dawowa.

Ungozoma mai ritaya: To, abin da zai ba ki mamaki, ƙaramin nan mai santimita 3 shi ne mai zubar da jinin. Jinin al'ada daga shimfiɗar cikin mahaifa yake fitowa. In curi ya turo cikin ramin, shimfiɗar ta ƙara faɗi, jijiyoyin jinin wurin su buɗe, kuma mahaifa ta kasa matsewa yadda za ta tsayar da jini. Shi ne kuma irin wanda ya fi hana ciki zama. Babban, mai 8, girmansa kamar lemo ne, amma da yake waje yake, nauyi ne aikinsa. Tambaye ta ko tana yawan fitsari, don a gaba mafitsara take. Da a baya yake, sai ki ji ana kukan bayan gida ya yi wuya ko ƙugu na ciwo. Shi ya sa mace biyu za su ce suna da abu ɗaya, wannan tana jini, waccan mararta ce kawai ta yi nauyi, ta uku kuma ba ta ma san tana da shi ba sai da aka yi mata sikanin don wani dalili.

Ƙanwar mai ciwo: Wallahi sau uku, huɗu take tashi da dare. Mun ɗauka shayin da take sha ne.

Ɗan kasuwar Kejetia: Ni ban ga abin wahala ba. Kowa a Zango faiburod yake cewa, har masu tallan magani a cikin mota. Mun ari asibiti, mun ari likita, me zai hana mu ari wannan?

Mai ɗinki, Nima: Daga Accra nake, kuma ni mai abin ce. Alhaji, don masu tallan nan ne kalmar ta zama abin tsoro. Wata shida na yi ina shan wani ruwan ɗaci a galan da aka ce yana narkar da shi ya fita ta fitsari. Na koma sikanin, yana nan yadda yake, kuɗina ne suka narke. Ni shekarata 49, nawa ɗaya ne, santimita 6, ta waje, ba jini ba ciwo. Likita ta ce kada a taɓa shi, in riƙa zuwa ana dubawa, don in al'ada ta ɗauke yakan motse da kansa. Don haka ki ce wa yayarki ta kwantar da hankali, ba sai an yanka ta ba.

Ungozoma mai ritaya: Abin da aka faɗa miki daidai ne, amma naki ne, ba nata ba. Abin yana girma ne da sinadaran da ƙwan mace ke fitarwa, waɗanda ke juya al'ada, shi ya sa yake motsewa in ta ɗauke. Ke kina bakin ƙofa, kuma ba ya damunki. Ita saura mata shekara goma ko fiye, kuma jininta 7.8, alhali mace marar ciki ana so ta kai 12. Wannan ba ta zuba ido ba ce. Ke ma ki riƙe wannan: in al'ada ta ɗauke sannan kika ga jini, ko cikin ya ci gaba da girma, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Ga yadda aka saba bi da mai irin halin yayarki. Farko a gyara jini, da ƙwayar ƙarfen jini na watanni, ko ta jijiya in ƙwayar ba ta karɓe ta ba. Miyar kwantomire, wato ganyen gwaza, da hanta suna da kyau, amma ba za su cike wannan ramin su kaɗai ba. A kwanakin al'ada kuma akwai taranesamik, wanda ke rage zubar, ana shansa kwana uku zuwa huɗu kawai, kuma likita zai fara tambaya ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Wannan ba ya rage girman curin ko kaɗan. Akwai robar da ake sa wa a mahaifa mai ɗauke da magani, tana rage jini sosai, sai dai tana hana ɗaukar ciki, kuma in curi ya karkata ramin ba ta zama daidai, takan fito. Kin ga ita ba tata ba ce ta fuska biyu. Akwai kuma allurar da ke tsayar da al'ada ta motsar da curin, amma ba a wuce wata shida da ita saboda tana rage ƙarfin ƙashi, kuma in an daina yana dawowa. Amfaninta a samu jini ya hau kafin tiyata.

Tiyatar kuma iri biyu ce, kuma a nan ne dangi ke ruɗewa. Akwai wadda ake ciro curin a bar mahaifa, akwai wadda ake cire mahaifar gaba ɗaya. Mai neman haihuwa ta farkon ake yi wa. Ƙaramin na cikin rami ana iya cire shi ta ƙasa da na'ura ba tare da an buɗe ciki ba, in asibitin na da kayan, ku tambaya a babban asibitin Komfo Anokye. Babban kuwa ta ciki ake bi. Ku sani aiki ne mai zubar da jini, za a ce ku kawo masu ba da jini, kuma za a sa ta sa hannu cewa in jini ya ƙi tsayawa za a cire mahaifar don a ceci ranta. Ba kasafai ake kai wa haka ba, amma gara ta ji tun yanzu. Wani curin na iya sake fitowa bayan shekaru, kuma in an shiga bangon sosai, haihuwar gaba ta tiyata za a ba ta shawara.

Wata 'yar uwa: Afuwan, ni tambayata, wannan jinin ba shi ne istihala ba? Sai a kira shi haka mana.

Malamin makaranta: A'a, istihala sunan jinin da ya zarce kwanakin haila ne, don a san hukuncin salla da azumi. Bai faɗi abin da ya jawo shi ba. Na karɓi gyaran Hajiya, na janye kwantaccen ciki. To tsiron mahaifa fa?

Mai ɗinki: Tsiro kamar abin da za a tsinke da hannu. Ni dai ƙululu ya fi kama da yadda nake jinsa in na kwanta rigingine na danna marata.

Ungozoma mai ritaya: Tsiro ya fi dacewa da wani abu daban, ɗan nama mai laushi da ke fitowa daga shimfiɗar, shi ma yana sa jini, kada mu haɗa su suna ɗaya. Ƙarin mahaifa shi ake ji a rediyo, kuma ba kuskure ba ne. Aibinsa shi ne wanda Mma ta nuna: ƙari ya haɗa mai daji da marar daji. Wannan kuwa ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wani wuri, kuma a cikin dubu da wuya a samu ɗaya da aka zata shi ne ya zama daji ne. Ni a ɗakin awo curin mahaifa nake cewa, don kowace mace ta san curin fura da curin tuwo, abu ne dunƙulalle mai iyaka wanda ake iya ɗagowa. Sai in ƙara: curin ciki mai jini, curin bango, curin waje mai nauyi.

Ɗan kasuwar Kejetia: Hajiya, in ta je asibiti ta ce curi, nas ɗin da ba ta jin Hausa za ta gane? Faiburod ɗin dai za a koma.

Ungozoma mai ritaya: A gaban nas ta ce faiburod, ban hana ba. A gaban Mma ne muke neman abin faɗa.

Ƙanwar mai ciwo: Na gwada da daren nan. Na ɗauki lemo da goro na ajiye a tabarma, na ce Mma, curi biyu ne a naman mahaifa, goron nan shi ke zubar da jini, lemon shi ke danne mafitsara, kuma ba daji ba ne. Ta daɗe tana juya goron a hannu, sannan ta ce, "To a cire goron mana, a bar lemon." Mama ungozoma, ana yin haka?

Ungozoma mai ritaya: Ana yi, musamman in jinin ne babban kuka kuma za ta iya jure nauyin. Amma ita fitsari na hana ta barci, kuma mai santimita 8 na iya tayar da ciwo in ciki ya shiga. Ku kai wa likitan tambayar Mma yadda ta yi ta, ku tafi da sakamakon sabon awon jini.