Idan kunne ɗaya na iyafis ya fi ɗayan ƙara

Jiya da yamma a rumfar cajin waya, nan Maradi, wani matashi ya kawo kuka: kunnen hagu na iyafis ɗinsa marar waya ya yi ƙasa sosai, har yakan ɗauke. Ga abin da na tsinta daga bakin masu gyara.

Suka ce kafin ka zargi batir, ka haɗa iyafis ɗin da wata wayar. In sautin ya daidaita, matsalar a wayarka take: shiga Settings, sashen Accessibility, ka ga ko ma'aunin hagu da dama ya karkata.

In bai daidaita ba, duba ragar bakin kunnen. Nan aka fi daɗewa ana magana, domin dattin kunne da ƙurar hunturu kan toshe ta. Na yaron ta toshe ƙwarai. Aka goge da busasshen buroshin haƙori, ragar na kallon ƙasa, ƙara ta dawo. Kada ka sa allura ko ruwa, don Allah. Ragar ba ta da ƙwari.

Ɗaukewa kuwa daban ce. In kullum bayan mintoci kaɗan kunne guda yake mutuwa, goge ƙarafunan caji na cikin akwatin da ake cajin iyafis ɗin. In ya ci gaba, batirinsa ya gaji.