Da wane suna za mu kira "keris" na haƙoran jarirai?

Maman Ilham: Jama'a, salamu alaikum. Na kai Ilham wurin likitan haƙori, watanta 14, saboda wani farin layi kamar alli da na gani a gindin haƙoranta na sama, dab da dasashi. Ya ce farkon "keris" ne. Na ce wa kakarta kogon haƙori, ta buɗe bakin yarinya ta ce ina kogon? Gaskiyarta, babu rami. To me zan ce mata?

Sani Maraɗi: Mu nan "kari" muke ji a asibiti, daga Faransanci. A gida kuwa tsutsar haƙori ake cewa, kowa ya gane.

Anti Nas: Malam Sani, an gane, amma sunan yana sa a tafi neman mai cire tsutsa, alhali babu ita. Ƙwayoyin cutar da ke baki ne suke cin sukari, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cinye fuskar haƙori. Abin ya fi tsanani in yaro ya yi barci da bulumboti a baki, madara ce ko shayi, don yawu yana raguwa da dare. Shi ya sa na sama na gaba suke fara kamuwa, na ƙasa harshe yana rufe su. Farin layin nan ana iya tsayar da shi da man goge baki mai fulorayid, ɗan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa, safe da dare. In ya koma ruwan ƙasa ya fashe, sai ciko. Ni "zaizayar haƙori" nake so, domin ƙasa ma tana zaizayewa kafin kwazazzabo ya buɗe.

Baban Khalifa: Wai ba zawon haƙori ake nufi ba? Yarona kwana uku ke nan yana yi.

Anti Nas: A'a yallaɓai, wannan daban. Zawon kwana uku kuma kada a jingina shi ga haƙori, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti yau.

Hajiya Gambo: 'Ya'yana, ruɓewar haƙori muka sani. Kuma na nono ne, ai zai yi famfara.

Maman Ilham: Hajiya, haka na ɗauka, har likita ya ce turamen ciki suna kai shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi. Ya kuma ce da na kawo ta tun haƙorin farko ya fito, kada dai ta wuce shekara 1. Ni ina jiran ta yi kukan ciwo. Ruɓewa ta dace da wanda ya yi baƙi, amma na Ilham fari ne tas.

Sani Maraɗi: Zaizaya ta yi mini, sai dai wanda lemon tsami ko cizon haƙora ya cinye masa haƙori fa? Shi ma zaizaya ce.

Maman Ilham: To, "farin ruɓa" fa? Bari in gwada wa kakarta duka biyun da yamma.